Ranar da Na Kori Mai Wa'azi Daga Wasana

Ko tsufa na yi har haƙora sunka zube, ba ni mance gasar wasan kwaikwayon da munka je Kebbe. Lokacin ina aji biyar a Tambuwal, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na rubuta wasa kan jami'in rabon taki mai cin hanci, na rufe shi da wani dattijo mai doguwar nasiha. Ni a ganina ya haɗu.

Ranar gwaji, dattijon na buɗe baki 'yan aji ɗaya sunka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Malamar Hausa ta dube ni.

"Wanga wasa ne ko huɗuba? In ba ka gyara ba kafin Juma'a, na 'yan aji shida za mu kai."

Na 'yan aji shida? Wallahi ba a isa ba! Na koma na soke dattijon gaba ɗaya. Abokina da ke fitowa a matsayinshi ya taso mini.

"Kai ɗan rainin hankali, gemun audugar nan fa da na haɗa?"

"Kwantar da hankalinka, mutumina. Kawun jami'i za ka zama."

Jami'in ma na daina maishe shi shaiɗan. Na sa ɗan kasuwa ya kawo mishi rago ana gab da Sallah, shi kuwa gidanshi ko akuya babu. Jami'in ya ce a'a, ya sake cewa a'a, amma hannunshi na shafa bayan ragon. Sannan ya kama igiya. Taki ya fita ta ƙofar baya.

A Kebbe fili ya cika maƙil. Da wasanmu ya fara, manoma sunka yi layi, jami'i na faɗin "ya ƙare". Sai ga kawun da ya rene shi, tun daga ƙauyen Fakku, da buhu wayam.

"Ba komi, ɗana. Na san da akwai, da ka ba ni."

Ya naɗe buhunshi ya juya.

Fitowa ta ƙarshe bayan kaka ce. Jami'i na cin soyen ragon da matarshi ta adana, kawu ya shigo da ɗan gero a ƙwarya.

"Bana abin da gona ta ba da ke nan. Ga rabonka."

Jami'i ya tsaya da tsoka a hannu. Ni kuwa ina leƙe ta bayan labule. Can wata tsohuwa cikin 'yan kallo ta miƙe.

"Ci mana, ɓarawo! Haɗiye mu gani!"

Wuri ya kaure. Mu munka ɗauko kofi! Muna mota muna ihu, direba na gardama da Malama kan ko jami'in zai tuba.

Tun ranar na gane: in ka nuna wa mutane hannun da ya kama igiya da buhun da ya koma wayam, ka yi shiru. Wa'azin, su za su yi shi da bakinsu.