Bakin Yaya a Hannun A Sake

A asibitin haƙorin da take aiki ba wanda ke kiranta da sunanta, sai A Sake. Da bakinta ta jawo. Ita ce mai ɗaukar awon baki kafin a yi wa mutum haƙoran roba, kuma idan awo bai yi mata ba, kalma biyun nan kaɗai za ka ji, sai ka ga abu ya faɗa kwandon shara. Ni dai da nake aiki tare da ita ban taɓa ganin laifinta ba.

Aikin nata da wani gari ne, aljinet, da ake samowa daga ciyawar teku. Za ta auna gari, ta auna ruwa, ta murza a jikin kwanon roba har ya yi sumul, ta cika ƙaramin tire mai siffar muƙamuƙi ta danna a baki. Takan ce a cikin garin akwai mai ɗaurewa, akwai kuma mai riƙe masa hannu na ɗan lokaci. Da ƙarfin mai riƙon ya ƙare, kwaɓin ya kama ya zama kamar roba, ƙarin ruwa ba ya dawo da shi. Ruwan ɗumi gaggauta shi yake, shi ya sa da rana ba ta yarda da ruwan tanki, tana da gorarta a firij. Tun tana sabuwa ta sha kunyar kwaɓin da ya sandare mata a kwano.

A gida kuwa aikin bai da farin jini. Yayan mijinta, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya sha faɗi a gaban jama'a cewa matar ƙanensa tana wuni da hannu cikin yawun ƙattai. Sau biyu yana sa mijin ya hana ta fita, sau biyu tana komawa. Abin yana ci mata rai, amma ba ta taɓa tanka masa ba, don Yaya ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana.

Sai ciwon dasashi ya kwashe masa haƙoran sama. Mutumin da ke cika falo da murya ya koma magana da hannu a baki. Ƙanensa ya lallaɓa shi ya kawo shi asibitin, Yaya ya zauna a kujerar awo yana kallon silin kamar an kawo shi kotu.

Awon farko, kwaɓin ya fara kamawa ke nan wayarsa ta yi ƙara, ya juya kai. Tiren ya gusa, siffar dasashin ta jirkice. Na biyu, ya ji abu na taɓa masa ganɗa, ya ture hannunta tun ciki bai gama kamawa ba, awon ya fito a yage. Ta ce a sake.

Nan Yaya ya tashi. Ya ce da gangan take wulaƙanta shi, a yi da wannan ɗin haka, in ba haka ba daga yau ta gama aiki, kuma wannan karon da gaske yake. Mijin ya tsaya bakin ƙofa yana roƙonta da ido. Ta san in ta yi da yagaggen, haƙoran za su riƙa faɗowa suna cin dasashinsa, kuma ita za a zaga. Ta san kuma Yaya yana iya aikata abin da ya faɗa. Duk da haka ta saki awon cikin kwando.

"Yaya, ko yau zan bar aikin, ba da wannan zan rufe ba. Zauna."

Yunwar nama ce ko mamaki, Allah masani, ya zauna. Ta ɗauko ruwa mai sanyi, ta sunkuyar da kansa gaba, ta ce ya yi numfashi ta hanci. Ta danna tiren, ta tokare shi da yatsu biyu. Bakin Yaya ya cika taf.

A 'yan mintocin nan ta faɗi abin da ta shekara goma sha wani abu tana haɗiyewa, a hankali, ba tare da hannunta ya motsa ba. Ta ce ba ta taɓa jin ƙyamar bakin kowa ba, har nasa. Ta ce tsofaffin da ta mayar wa dariyarsu sun fi ƙarfin lissafi, kuma ta gaji da roƙon izinin abin da ba laifi ba ne. Idanunsa suka yi ja, yawu na zuba kan tawul, babu damar ko tari.

Ta taɓa ragowar kwaɓin da ke kwano, ya daina manne wa yatsa. Ta ɗan ƙara jira, sannan ta fizge tiren a tashi ɗaya. Ko kumfa ɗaya babu a jikin awon.

Yaya ya kurkure baki, ya cika ƙirji zai fara. Ta ce ya yi haƙuri, awon nan in ya sha iska ƙanƙancewa yake, in an jiƙa shi ya kumbura, dole ta zuba masa farin siminti yanzu don a fitar da siffar bakin. Ta ɗauraye shi ta nufi ɗakin baya.

"Amsar fa?" in ji shi.

"Ka riƙe ta, Yaya, sai haƙoran sun fito. Za ta fi fita da kyau."