Kiret Goman da Babu Ƙwai

A-Hankali ake kiranta a layin masu ƙwai, don kalmar ba ta barin bakinta in ana sauke kaya. Ita kanta kuwa ba ta san hankali ba in aka taɓo ta. Da ƙwai a roba ta fara, tana bin masu shayi ƙofa-ƙofa bayan rasuwar mijinta. Yau tana da shago mai kanta uku da fanka mai kuka, kuma a cikinsa ta yi wa 'ya'ya huɗu makaranta.

Gona ɗaya take saro ƙwai, mutum ɗaya kuma ke ɗauko mata, wani dattijo mai tsohuwar a-kori-kura da kowa ke ce wa Baba Direba. Yana tuƙi kamar mai ɗauke da jariri. Ta sha yi masa tsiya cewa mai keke ma yana wuce shi, amma ba ta taɓa ba wani kayanta ba.

Ka'idar gonar ita ce, kafin a loda, ma'aikaci ya ɗauki hoton kayan ya tura wa mai gona, shi kuma ya ƙirga ya aiko da lissafin kuɗin. Ran nan Baba Direba ya sauke mata kiret hamsin, sai ga saƙo wai sittin aka loda. Ta kira, mai gona ya ce ta tambayi direbanta inda ya ratse da goma. Kafin yamma zancen ya zaga layi, har wani mai bakin tsiya yana tambayar dattijon nawa yake sayar da nasa.

Ta sa aka turo mata hoton, ta zauna bakin shago tana buɗa shi da yatsu biyu. Jeri goma ne a jikin bango, kowanne an ɗaure da igiya. Ta bi gefen kwalayen, shida-shida. To, ga inda sittin ta fito. Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaure ƙwai ya san na saman murfi ne, kwali ne fanko da ake kifawa don kada igiya ta fasa ƙwan. Biyar-biyar ke nan sau goma, kiret hamsin. Talatin a kowane kiret, ƙwai dubu ɗaya da ɗari biyar. A dubu huɗu-huɗu, kuɗinsa dubu ɗari biyu ne, ba da arba'in a kai ba.

Washegari ta sa murafen a bayan a-kori-kura, ta shiga gaba, ita da Baba Direba suka tafi gonar. Suka tarar da mai gona a ofishinsa mai warin dusa, ma'aikata na tsaye a ƙofa. Ta miƙa masa wayar.

"Alhaji, duba saman kowane jeri. Ka ga ƙwai ko ɗaya?"

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ta ga ya gane, don kunyar ta fito masa a fuska. Da zai ce ya yi kuskure, wallahi da maganar ta mutu a nan. Amma ina, yaransa na kallo.

"Hajiya, hoto ba ya nuna komai da komai," in ji shi. "Mu raba asarar. Ki biya na biyar, na yafe biyar, ki kuma canza direba. Shi ke nan, mu ci gaba."

Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta, don babu wata gona kusa da za ta ba ta kaya a wannan farashin. Dubu ashirin ba za ta kashe ta ba. Amma in ta biya ko na ƙwai ɗaya, ta sa hannu ke nan cewa dattijon ɓarawo ne.

Ta fita, ta kwaso murafen nan goma daga bayan mota, ta jibge su a kan teburinsa.

"Ga kiret gomanka da aka sace. Ƙirga ƙwan da ke ciki, ko nawa ka samu zan biya."

Wani ma'aikaci ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mai gona ya ce in haka ne, daga yau babu ita babu ƙwan gonarsa. Ta tura masa dubu ɗari biyu cif a gabansa, ta ce Allah ya ba kajinsa lafiya.

A hanya motar na ta ƙara don babu kaya. Da suka hau kwalta, Baba Direba ya ce, "'Yar nan, da kin bari an cire a kuɗina. Yanzu me za ki sa a shago?"

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Amma duk inda na samo, kai za ka ɗauko."

Baba Direba ya sa bakin rigarsa ya goge ido, ya rage gudu saboda rami.