Kiret Goma Sha Biyu da Rabin Haƙori

Haƙorina na gaba rabi ne, kuma yayata ce ta karya shi da muciya, a kan ƙwai. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ita ke girkin biki a unguwarmu a Agege, ni kuma na koma aiki ƙarƙashinta bayan na bar wata gonar kaji inda na yi shekaru ina tantance ƙwai.

A gonar na koyi haska ƙwai. Ka huda kwali, ka sa tocila a ciki, ka shiga ɗaki mai duhu ka ɗora ƙwan a kan hudar. A ɓangaren kansa mai faɗi akwai ɗan gurbin iska. Na sabon ƙwai zurfinsa bai wuce kaurin tsinken ashana ba. Kullum ruwan cikinsa na fita ta ƙananan ƙofofin ɓawo, gurbin na ƙara girma. In ya zarce kaurin fensir, ƙwan ya tsufa. Yaya dariya take mini, wai bokanci nake da tocila.

Wata Asabar da safe muna da ɗaurin aure, za a yi salak da dafaffen ƙwai, da mayonis ɗin da take haɗawa da ɗanyen ƙwai. Ita da gangan take neman tsohon ƙwai, domin ya fi sauƙin ɓarewa in an dafa, kuma wannan gaskiya ne. Amma kiret goma sha biyun da aka kawo mata daga kasuwar Iyana Ipaja sun wuce tsufa. Kwana biyu kafin nan ta ga kashin kaji a jikinsu, ta sa aka jiƙa su a bahon ruwan sanyi aka wanke, aka jera a sito mai zafi. Wankin nan yana cire kariyar ɓawo, ruwan sanyi kuma ya ja ƙazantar zuwa ciki.

Na rufe ƙofar sito na fara haskawa. Gurbin iska ya ci wajen sulusin ƙwai. Wani gwaiduwarsa ta manne da ɓawo, wani ya tsage siriri, wasu da baƙin tabo a ciki. Tocila ba ta nuna ƙwayar cuta, abin da take nunawa kawai ya isa ya tsorata ni, ga shi za a ba yara da tsofaffi ɗanyensa.

Na fito na ce, "Yaya, wannan ƙwan ba zai shiga abincin mutane ba."

Ba ta ɗago daga tukunya ba. "Abeg, kauce mini. Ƙarfe biyu za a zo ɗauka."

"Wallahi ba zai shiga ba."

"Ke ce oga ko ni? Kawo kiret ɗin, jare!" Ta rufe da kalmar ƙosawa ta Yarbanci.

Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Na ɗauko kiret ɗin farko na ɗaga sama na doka shi da ƙasa a gabanta. Kafin in juya mari ya sauka a kunnena har na ji ƙara. Na koma na ɗauko na biyu. Ta fizge ɗankwalina ta naɗe kitsona a hannu tana jana, ni kuma ina shurin sauran kiret ɗin da ƙafa. Santsi ya kwashe mu, muka faɗi cikin ruwan ƙwai, ta hau ruwan cikina ta shaƙe ni. Na gartsa mata cizo a dantse. Matan da ke yanka albasa suna ta salati, ɗaya tana ihu da Yarbanci a janye tukunyar mai kada mu ƙone. Yaya ta lalubo muciya ta kai mini duka a baki. Na ji ƙas, na tofar da jini da guntun haƙori.

A kokawar gwiwarta ta danne wani baragurbi ya fashe. Ruwa baƙi-baƙi ya fallatsa mata a wuya. Wari ya cika tsakar gidan har wata ta ruga bakin kwata tana amai. Yaya ta sake ni, ta tsaya tana kallon ƙasa tana haki. Ta ce a wanke wurin da ruwan zafi da sabulu, kowa ya wanke hannu, a sayo mayonis na kwalba, salak ya tafi babu ƙwai. Sannan ta nuna mini ƙofa da muciyar. Na kunyata ta gaban ma'aikatanta, wannan ne ba ta yafe ba.

Ba ta sake kirana aiki ba, gaisuwa ma sai in mun haɗu gaban mahaifiyarmu. Abin ya ci ni ƙwarai, domin ita ta goya ni.

Da ƙaramar sallah muka haɗu a kicin ɗin mahaifiyar tamu, ni da Yaya kawai. Sai Yaya ta tura ƙofa, ta kunna tocilar wayarta, ta ɗora ƙwai a kai, amma ta tsinin kan. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Wannan fa?"

Na kama hannunta na juya ƙwan. Tabon cizona na nan a dantsenta. Na ce, "Wannan lafiya lau, Yaya. Amma a dafa shi har gwaiduwar ta daskare."