Zoben da nake buga wa allo

Shekarar da na koyar da matan wani ƙauye kusa da Hamdara yaƙi da jahilci, tun ranar farko aka faɗa mini sharaɗi: in damina ta kusa za a zo daga Damagaram a yi musu jarrabawa, in mafi yawansu ba su ci ba a rufe ajin. Ni kuwa ba ni da wani aikin, kuma matan nan da kyar mazansu suka bar su su zo ajin.

Haruffa ba su ba mu wahala ba. Raba kalmomi ne ya zame mana ƙarfen ƙafa. Baki ba ya tsayawa tsakanin "ta" da "zo", saboda haka hannu ma ba ya tsayawa, sai a rubuta "tazo", "munci", "bazasu". In na yi faɗa na ce a raba, washegari sai su raba har abin da ba a rabawa, in tarar da "ya na" da "su ka" cike da takarda. Wata rana har kuka na yi don haushi.

Sai na samo dabara. In ina musu shifta, wato ina faɗa suna rubutawa, duk inda ya kamata a bar fili sai in buga zobena a jikin allo. "Ba", ƙwas, "za", ƙwas, "su", ƙwas, "zo". A kan "suna" da "muka" ba na bugawa a tsakiya. Cikin ƴan makonni rubutu ya yi kyau kamar na littafi. Kaina ya kumbura, har ina ba sauran malamai labari a Mirya.

Ranar jarrabawa mai dubawa ya iso a kan babur, wani dogon mutum marar yawan magana. Ya ce, "Madam, ki koma baya ki zauna. Ni zan yi dikte," wato shifta. Ban taɓa tunanin wani ne zai karanta ba, kuma ban taɓa yi musu shifta ko sau ɗaya ba tare da zoben ba.

Ya fara karantawa yadda mutane ke magana, ba gaggawa, ba kuma tsayawa: "Ba za su zo ba sai sun gama shuka." Na ga kawuna sun ɗago. Ba shi suke kallo ba, ni suke nema. Wata dattijuwa mai sayar da ƙuli, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta juyo gaba ɗaya ta zuba wa hannuna ido.

Tsoro iri biyu ya kama ni. In na yi shiru za su faɗi. In na buga, mutumin nan zai ji, ya rubuta cewa na yi satar jarrabawa, sunana ya ɓaci har Damagaram. Bencin da nake kai na katako ne, zoben yana yatsana, abin bai fi in motsa hannu ba. Na cire zoben na danne shi a ƙarƙashin cinyata, saboda ban yarda da hannuna ba.

Daga inda nake ina hango takardar wata mai goyo da ke gabana. Ta rubuta "bazasu", ta tsaya, ta goge, ta sake rubuta shi yadda yake. A layi na gaba ta raba "suka" gida biyu. Ina ta Innalillahi a zuci, shi kuwa yana ta karatunsa.

A gabana ya gyara takardun, bayan matan sun fita ƙarƙashin itacen bedi suna jira. Duk inda aka haɗe ko aka raba ba daidai ba yana ja masa jan layi, kuskure ɗaya. Jan biki, wato jan alƙalaminsa, ya cinye takardun. Ya ce, "Haruffansu daidai suke, Madam. Amma kamar ba a taɓa nuna musu inda kalma ke ƙarewa ba." Na buɗe baki in ce na nuna, sai na rasa abin da zan ce na nuna. Kaɗan ne suka tsallake. Bai ce an rufe ba, cewa ya yi zai kai rahoto, amma ni da shi mun san sharaɗin.

Da babur ɗinsa ya tashi na fito. Ina jiran zagi, da ma an zage ni da na fi samun sauƙi. Dattijuwar nan ce ta taso ta kama hannuna, ta juya shi, ta ga ba zobe.

Ta ce, "Ayya, ɗiyata, ashe ɓata ya yi. Ni na ce musu ba za ki bar mu haka kawai ba. Mun yi ta jiranki."