Gurbin Suna da Gurbin Ƙarin Jini

Na yi shekaru a bakin tagar karɓar jini a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Dutse, kuma rabin aikina shi ne in ce "ba zan karɓa ba". Ban taɓa jin daɗin faɗar haka ba. Amma idan sunan da ke jikin kwalba ya saɓa da na jikin fom, ba ni da hanyar sanin jinin wa nake riƙe da shi, kuma ba a gwada jini da kyakkyawan zato.

Fom ɗinmu na lokacin tsoho ne, an yi ta kwafarsa daga kwafi har layukan sun dushe. Tambarin asibiti ya cinye kai. Gurbin suna layi ɗaya ne. Gurbin bayanin ciwo kuwa bai kai faɗin yatsa biyu ba, shi ya sa likitoci ke rubuta "zazzaɓi" su wuce, wasu ma ko hakan ba sa yi. A wurin shekaru sai ka ga an rubuta "babba", kai ka ce buhun gero ake aunawa.

Wata rana ɗan babur ya kawo mana jini daga wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Miga. A ciki akwai na wata yarinya da ake son a yi mata gwajin sikila. Fom da suna ɗaya, kwalba da wani daban, babu lambar kati a ko ɗayansu. Na cike takardar mayarwa na ce a sake ɗiba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Baffan yarinyar ne ya yanki kati, ya ba da sunanta na yanka, aka kwafa a fom. Wajen ɗibar jini kuma uwar ce ke riƙe da ita. Bafulatana ce, yarinyar kuma 'yar farinta, ba ta taɓa furta sunan ba kuma ba za ta fara a gaban ma'aikacin asibiti ba. Da aka tambaye ta sai ta faɗi laƙabin da take kiranta da shi, shi kuma ya rubuta a kwalba. Kowa ya faɗi gaskiya, fom ɗin ne ba shi da wurin da zai ɗauki gaskiyar duka biyun.

Jini na biyu ya zo bayan 'yan makonni, sunaye sun dace. A gurbin bayani an rubuta "ciwon gaɓɓai". Muka gwada, A da S suka fito, muka rubuta AS. Aka gaya wa iyayen cewa 'yarsu ba ta da sikila, ɗauke kawai take da ita.

Cikin damina aka kawo yarinyar asibitinmu tana kukan ƙafa da hannu. Likitan yara ya sauko ɗakinmu da sakamakon a hannu, ransa a ɓace.

"Hajiya, wannan yarinyar ce AS? Kin ga hannunta kuwa?"

"Likita, ni ban ga hannu ba, kwalba na gani," na ce masa.

Ya zauna a kan kujerar da muke ɗibar jini, ya ce ya yi hira da uwar. Tsakanin jinin farko da na biyu, jinin yarinyar ya yi ƙasa, an kai ta wani asibiti an ƙara mata leda ɗaya ta jini. Ke nan mai yiwuwa A ɗin da muka gani na wanda ya ba da jinin ne. Bayan ƙarin jini sai an jira aƙalla wata uku kafin a yarda da wannan gwajin. Na ɗauko fom ɗin na miƙa masa na ce ya nuna mini inda aka tambayi ƙarin jini. Ya juya shi gaba da baya, ya ajiye.

A wannan makon na zauna a tsakar gidana a Takur da rula da biro na zana sabo. Na rage tambarin. Na buɗe gurbi biyu na suna, na yanka da wanda ake kira a gida, sai lambar kati a babban akwati, da umarnin a rubuta ta a jikin kwalba ma. Na sa shekaru da lamba, ga jarirai kuma watanni. Na sa rana da lokacin da aka ɗebi jini, sunan wanda ya ɗiba da lambar wayar wanda ya tura, don mu kira kafin mu mayar. Maimakon in bar wa likita fili ya yi rubutun da ba zai yi ba, na jera ƙananan akwatuna ya yi alama: zazzaɓi, ciwon gaɓɓai, shawara, ciki, maganin da ake sha. A ƙarƙashin gwajin sikila na rubuta da manyan baƙaƙe: an ƙara jini? Yaushe?

Zanen ya fi sauƙi. Kwamitin asibiti ya zauna a kan sabon fom ɗin, ya tashi, ya sake zama. Wani ya ce fom ɗin ya cika tambaya kamar ɗan sanda. Wani ya ce an raina tambarin. Mai kula da sito ya ce akwai tsofaffin fom jibge, sai sun ƙare. Na gaji har na daina jin haushi. A ƙarshe shugabanmu ya ce a gwada a ɗakin yara da ƙananan asibitocin da ke turo mana, na ce, "Ranka ya daɗe, na gode," na fita kafin wani ya tuno da wata matsalar.

Da aka fara amfani da shi, kwandon jinin da nake mayarwa ya ragu, kodayake har yau akwai masu tsallake akwati kamar an ce da wuta a ciki.

Uwar kuwa ba fom ne damuwarta ba. Ranar da za a sallame su daga kwanciyar nan ta damina ta zo tagata da yarinyar a goye, duk da ta wuce goyo.

"Malama, an ce ba ta da shi, yanzu kuma an ce a sake. Sau nawa za a huda ta?"

"Sau ɗaya ya rage, baiwar Allah. Amma ba yau ba, sai jinin da aka ƙara mata ya gama fita."

"To in an sake, wanda aka faɗa da farko zai iya fitowa?"

Na ce zai iya, don ban da ikon cewa ba zai iya ba. Na ga ta riƙe wannan maganar da hannu biyu, kuma abin ya dame ni.

Sai bayan an shigar da gero suka dawo, ita da baffan. Likitan ya cike sabon fom da kansa. Baffan ya faɗi sunan yanka, uwar ta faɗi laƙabi tana kallon ƙasa, kowanne ya shiga gurbinsa. An rubuta watan da aka ƙara jini, an kuma rubuta cewa ba a sake ƙarawa ba tun lokacin. Ni na ɗebi jinin, na rubuta lambar katin a kwalba a gabansu. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta saba.

Da aka gama gwajin, S kaɗai ya fito, babu A.

Na daɗe a zaune da fom ɗin a gabana. Na bi shi gurbi bayan gurbi, na gwada lambar kwalba da ta kati, na duba kwanan wata, na sake duba ranar ƙarin jini. Ni da na kwashe shekaru ina neman kuskure don in kare mutane, ran nan nemansa nake yi don in samu abin da zan ce wa matar nan ta je ta dawo. Komai ya cika daidai.

Na rubuta SS, na sa hannu. Ta taga ina hango ta a kan benci, ta kwance bakin zanenta tana ba yarinyar gyaɗa. Na ɗauki takardar na kai wa likita da kaina, na bi ta ƙofar baya.