Badaru Kafinta da Bakin Cizal

Badaru mutumin Adabka ne, amma a Anka ya koyi kafinta, shekara bakwai a hannun wani tsoho da ya yi aiki da 'yan kwangila tun zamanin da ake ƙofofin makarantu da madaci zalla. Da tsohon zai sallame shi, akwatin kayan aikinsa ya ba shi: zarto biyu, filen na goge katako, da cizal shida na huda katako masu ƙotar itace, sunan kamfaninsu a dake cikin ƙarfen. Da su Badaru ya yi shekara ashirin da wani abu yana ciyar da gidansa. Ni a Gummi na san shi, bayan duk wannan ya wuce, lokacin da ya kama ɗaki a gidan da ke jikin nawa.

'Yan bindiga ne suka tare shi a hanya yana dawowa daga kai gado wani ƙauye. Kwana arba'in da uku ya yi a daji, mafi yawansu hannuwansa a ɗaure ta baya. Kafin a karɓo shi, matarsa Saude ta sayar da gona da babur, har da akwatin kayan aikin. Ya dawo da ransa, amma igiya ta ci hannunsa na dama. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, ba ya jin su, sauran ukun kuma ba su iya damƙe abu da ƙarfi. Suka kwashe yara huɗu suka dawo Gummi.

Wata takwas bai taɓa katako ba. Saude ce ke riƙe da gidan da turara wa mutane shinkafa a wata babbar tukunya da ta zo da ita daga Adabka. Wata rana a ci sau biyu, wata rana sau ɗaya.

Sai Alhaji Nuraddeen, wani mai sayen shinkafa da ke gina ɗakunan ajiya a bakin gari, ya ji labarinsa a masallaci. Ya ce ya ba shi aikin ƙofa shida, katakon madaci na nan ya riga ya saya, amma yana son su kafin a fara yankan shinkafar fadama, kwana goma sha biyu ke nan. Badaru ya amsa, bai faɗa masa cewa ko ƙusa ba shi da ita ba.

Washegari Saude ta ɗauki tukunyar ta kai kasuwa. Dubu ashirin da huɗu ta kawo ta ajiye masa a kan tabarma.

“Mi kinka yi haka?” in ji shi.

“Malam, tukunya ba ta isam mu. Ka tahi ka sawo kayan aiki.”

Rumfar Mu'awiya ya nufa, mai sayar da kayan gini a kasuwar Gummi, ni kuma na raka shi. Mu'awiya ya shimfiɗa masa cizal iri uku a kan buhu. Na farko guda huɗu ne a leda ɗaya, ƙota ja, suna walƙiya, dubu biyar duka. Na biyu mai tambarin kifi, ƙota rawaya, guda ɗaya dubu huɗu da ɗari biyar. Na uku tsoho ne na gwanjo, guda ɗaya tak, ya yi baƙi, dubu goma sha uku.

Badaru ya ari magagari, wato ƙarfen da ake gurza ƙarfe da shi, ya goga a bakin mai jar ƙota. Magagarin ya kama ya ci, gari ya zubo. Ya murza sunan da ke jikinsa da babban yatsa, fentin ya fara gogewa. Ya goga wa mai tambarin kifi, magagarin ya ɗan kama kaɗan. Da ya zo kan tsohon, sai magagarin ya zame da wata siririyar ƙara, bai bar ko zane ba. Ya juya bayansa ya duba, sumul, babu ramin tsatsa kusa da baki.

“Wanga shi na ƙarhe,” in ji shi a hankali. “Wancan na ledar kau, ba a ba shi wuta da ruwa yadda ya kamata ba. Nan da nan shika wasuwa, nan da nan shika mutuwa.”

“To ka ɗauki tsohon mana,” na ce.

“In na ɗauke shi, da mi zan yanka katakon? Da mi zan goge shi?”

Gaskiyarsa ce. Zarto mafi araha dubu shida ne, irin mai baƙaƙen haƙora, wanda ke ci sosai yana sabo amma in ya dushe magagari ba ya iya wasa shi, sai dai a yar. Filen mafi araha dubu takwas. Ga dutsen washi. Ya daɗe a tsugune yana juya tsohon cizal ɗin a tafinsa, sannan ya ajiye, ya ɗauki ledar masu jar ƙota. Yana sane ya saya. Ya ce da can ya sha yin aiki da mugun ƙarfe in ya je gidan wani, ƙarfi kawai ake ƙara masa.

Ƙarfin ne yanzu babu. Zarton ya yi aikinsa. Filen ɗin ƙasansa ba daidai yake ba, bakinsa yana rawa yana barin tabo a katako, amma da haƙuri ya lallaɓa shi. Da ya zo huda ramukan da ake haɗa gindin ƙofa da su, a nan komai ya tsaya. Madacin ya bushe ƙamas. Sara biyar, shida, bakin cizal ya nannaɗe. Ya sauka ya wasa, ya hau, ya sake nannaɗewa. Hannun daman da yake buga gudumar katako da shi yana kumbura tun kafin azahar, har sai da ya riƙa ɗaure gudumar a hannunsa da tsumma. Ramin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya ci masa sa'a guda. Kwana biyar, ƙofa ɗaya da rabi.

Rana ta shida ya gaji da washi. Ya kafa dusasshen cizal kusa da ƙarshen katakon, ya tattara abin da ya rage masa ya buga. Maimakon ya yanka, sai ya shiga kamar tsinke, katakon ya tsage tsawon kamu biyu. Alhaji Nuraddeen ya zo da la'asar ya tarar da shi zaune a ƙasa kusa da tsagaggen katakon.

Bai yi faɗa ba, kuma Badaru ya ce da ya yi faɗan da ya fi masa sauƙi.

“Malam Badaru, na so in taimake ka, amma shinkafa ba ta jira. Zan kwashe katakon ƙofa ukku in ba wani. Ukkun da sunka rage, in jibi na zaka ban ga canji ba, su ma in ɗauka.”

Da Badaru ya koma gida bai ci abinci ba. Ta katanga na ji yana ce wa Saude ya cuce ta, ya mayar da tukunyarta gwangwani. Ta ce masa ya bar wannan magana gaban yara. Da safe ta miƙa masa ragowar kuɗin, dubu uku, ya haɗa da wayarsa, muka koma rumfar Mu'awiya.

Mu'awiya ya ce ba ya karɓar kayan da aka riga aka wasa. Tsohon cizal ɗin kuma wani kafinta daga Bukkuyum ya saye shi tun shekaranjiya. Badaru ya tsaya kamar an dasa shi.

Mu'awiya ba mugu ba ne. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, masu tambarin kifi ne guda goma sha biyu, ya rage murya.

“Baba, ba ni ɓoye maka. Wanga tambari akwai na gaske, akwai na kwaikwayo, kuma a cakuɗe aka kawo muna su. Wani ya saya ya yi ta shi mani albarka, wani ya dawo shina zagina. Ni ban iya rarrabewa. In ka iya, zaɓa.”

Badaru ya zauna a ƙasa, ya ce in samo masa guntun ƙirya, itacen da ya fi madaci tauri. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su. Bakwai magagari ya ci su kamar na ledar, ya ture gefe. Biyar suka rage. Ya wasa kowanne a dutse, ya gwada shi a kan guntun ƙiryar ta wajen da aka yanke. Biyu bakinsu ya ɓare, ya nuna wa Mu'awiya 'yan giɓin da farcensa.

“Waɗanga taurinsu ya yi yawa, ba a sassauta su ba bayan an tsoma su ruwa. Sun zama awa kwalba. Ƙarhen kirki shina tsakani, bai nannaɗewa, bai ɓarewa.”

Uku suka fere ƙiryar suka fito da bakinsu lafiya. Da aka jera su, sai ga shi duk ukun tambarinsu a dake yake cikin ƙarfe, sauran tara kuwa zane ne a sama. Mu'awiya ya daɗe yana kallo. Ya karɓi dubu ukun, ya ture wa Badaru wayarsa, ya ce ya ɗauki wanda ya yi masa.

Da wannan cizal ɗaya, mai faɗin rabin inci, ya gama ƙofofi ukun, kwana ɗaya kafin wa'adi. Sau biyu a wuni yake wasa shi. Alhaji ya cire kuɗin katakon da ya tsage ya ba shi sauran, kuma bai sake kiransa ba, don wanda aka ba wa ragowar aikin yana da injin lantarki, a kwana uku ya gama.

Hannun bai warke ba. Bayan wannan aikin sai da ya yi mako biyu ko cokali ba ya iya riƙewa, a asibiti kuma suka ce masa jijiyar ta riga ta lalace, ya rage buga guduma. Yanzu ƙananan ayyuka yake samu, kujerar tsuguno, gyaran taga, wani lokaci a kira shi bakin gulbi ya toshe jirgin masunta. Ranar kasuwa yana zama a gefen rumfar Mu'awiya da dutsen washi da gwangwanin ruwa, yana wasa wa kafintoci bakin cizal, in sabon kaya ya zo shi ke tantancewa. Yakan hana su kai cizal wurin mai injin washi, ya ce da bakin ya yi shuɗi saboda zafi, taurinsa ya tafi.

Watan jiya aka kawo wa Mu'awiya cizal kwali biyu, ya bi su duka bai sami na kirki ko ɗaya ba, ya kuma faɗi haka a gaban masu saye. Mu'awiya ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa, Badaru ya kwashe dutsensa ya koma gindin bishiyar da ke tsallaken hanya. A makon nan mutum biyu ne kawai suka kai masa washi.