Makon da na ɓoye maganin Inna

Shekarar da na gama jami'a na fara koyarwa a Bebeji, mahaifiyata tana shan maganin hawan jini. Wata rana na karanta a jarida cewa ana zargin maganin yana ninka haɗarin kamuwa da ciwon daji, wato ƙarin kashi ɗari bisa ɗari. Ban tabbata na fahimta ba, amma na ɓoye kwalbar a akwatina.

Bayan mako guda na kai wa malamin asibiti jaridar. Ya karanta, ya dube ni.

"Malam, ninkin me? A ce mace ɗaya cikin dubu ke kamuwa. In an ninka, biyu ke nan cikin dubu. Jaridar ta faɗi nawa ne tun asali?"

Na sake dubawa. Ba ta faɗa ba.

"To, ni na auna jinin Hajiya. In ta daina sha, shanyewar ɓarin jiki ta fi kusa da ita."

Da la'asar na mayar wa Inna kwalbar, na fara bayani.

Ta ce, "Kwana bakwai ina zargin jikokina, ashe mai digiri ne. Miƙo min ruwa."